Baƙo ya ce an yi masa ƙari a takardar biya

Maigida, jiya wani Bature ya tayar mini da hankali a kantar karɓar baƙi ta otal ɗinmu. Na ce masa ɗaki dubu 80 ne, da zai tafi ya ga abin da ya fi haka, ya ce mun cuce shi. Yaya zan riƙa yi wa baƙi bayani?

To ɗana, tun ranar da ya sauka ka yi kuskuren, ba jiya ba. Kafin ka miƙa masa makulli za ka faɗa masa jimillar da zai biya, ka rubuta ya gani da idonsa.

Ɗauki lissafin nasa. Kwana biyu, 160,000. Kuɗin hidima kashi 10 cikin ɗari, 16,000. Harajin kaya da hidima, wanda takardarmu ke bugawa VAT, kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, wato 12,000. Jimilla 188,000. A gidan nan kowanne a kan asalin kuɗin ɗaki muke ɗora shi. Wani otal ɗin sai ya haɗa kuɗin hidima tukuna ya ɗora haraji, ya tashi 189,200. Ka san wanne ne naka, don baƙo zai zaro waya ya buga lissafin a gabanka, kuma 1,200 ɗin nan ta isa ya daina yarda da kai.

Idan kana nuna masa, ɗora biro a kan kowane layi ka faɗi inda kuɗin za shi. Wannan na ɗaki, wannan na gwamnati, wannan otal ne ya sa saboda hidima. Kada ka kuskura ka kira kuɗin hidima haraji don ka huta da gardama. Wanda ya saba yawo zai gane, daga nan kuwa ko gaskiya ka faɗa ba zai saurare ka ba. Ba'amurke zai tambaye ka ko sai ya ƙara tukuici. Ce masa an riga an sa kuɗin hidima, sauran ganin damarsa ne. Wanda ya biyo ta Legas kuma yakan nemi wani harajin kashi 5 da ya gani can. Na jiha ne wannan, kowace da dokarta.

Sai sunan kuɗi. Rubuta NGN gaban kowane adadi, don N tsurarta ba kowa ya san ta ba. Na taɓa ganin wata baƙuwa ta yi zuru, gumi na keto mata, ashe dala ta ɗauka.

In ya ce nawa ke nan a dala, nuna masa canjin ranar, ka ce kiyasi ne kawai. Na'urarmu Naira take cira, bankinsa ne zai canza da nasa farashin, wataƙila har ya ɗora lada. Ka yi masa alkawarin adadi, bayan sati guda sai ka ga saƙon ƙorafi, kuma teburina zai zo.