Bambancin alima da allama

"Don Allah a taimaka min, ina koyon sarfu amma na kasa gane me ya sa عَلِمَ da عَلَّمَ suke da ma'ana daban alhali haruffansu daya ne?"

Dan uwa shaddar nan ce ta raba su. Asalin duka haruffa uku ne, ain, lam, mim, wanda ke dauke da ma'anar sani. Alima yana kan fa'ila, wato ya sani. To idan ka sa wa harafin tsakiya shadda ya koma awon fa''ala, babin taf'il kenan, sai aikin ya tsallaka kan wani: allama, ya sanar da wani, ya koyar da shi. Haka nazala ya sauka, nazzala ya saukar, kamar dai yadda mu ma muke cewa fita da fitar.

Amma fa kar ka dauka kullum haka ne, nan dalibai suke zamewa. Kasara ya fasa ne, kassara kuma ya farfasa, ka ga ba wanda aka sa aiki, yawa ne da karfi ya karu. Kazzaba ma ba ya sa shi karya ba ne, ya karyata shi ne.

Wajen mudari'i kuma ka lura sosai, harafin farko rufu'a yake dauka, yu'allimu ba ya'allimu ba. Mai aikin mu'allim da kasra, wanda aka koyar mu'allam da fataha, masdarin ta'alim. In littafin ba wasali kuma علم kawai za ka gani, sai ka duba jimlar, in ka ga wanda aka koyar da abin da aka koya masa to allama ne.