Yadda Ake Rage Kuɗi Da Cusa Jabu A Wurin Canjin Bakin Titi

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana ya aiko mini da dala 500, na canza a hannun wani a bakin titi. A gabana aka ƙirga, amma da na isa gida na tarar babu naira 10,000. Yaya aka yi haka? Kuma yaya zan gane jabun dala idan ni zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya mayar maka da alheri. Zan iya cewa kusan tabbas kuɗin nan sun koma hannunsa bayan ka gama ƙirgawa, kuma a nan aka cuce ka.

A ce kun daidaita a kan naira 1,500 kowace dala. Kuɗinka 750,000 ke nan, bandir bakwai da rabi na 'yan dubu-dubu, tunda kowane bandir takarda ɗari ne. Sai ya miƙo maka bandir ɗaya wanda da gangan ya cire takarda biyu. Ka ƙirga, ka samu 98, ka yi magana. Ya ce "Subhanallahi, kawo in gani." Ya ƙirga a gabanka, ya yarda, ya zaro dubu biyu daga aljihu ya ɗora a sama, ya mayar da roba. Kai kuma hankalinka ya kwanta, ka ga mutum mai gaskiya, ba za ka sake ƙirgawa ba. To lokacin da yake daidaita bandir ɗin a tafin hannunsa ne ƙaramin yatsansa ya lanƙwashe takarda goma na ƙasa ya riƙe. Idonka yana kan biyun da aka ƙara.

Saboda haka ƙirgar ƙarshe taka ce. Duk bandir ɗin da ya sake taɓa hannunsa, ko na daƙiƙa ɗaya ne, ka ƙirga shi daga farko. Idan an samu giɓi, ka riƙe kuɗin a hannunka, ya miƙo cikon kawai. Ka cire robar ka baza takardun, domin ana cusa 'yan ɗari biyar a tsakiya, wani lokaci kuma a ninka takarda ɗaya gida biyu ta yadda mai ƙirga ta baki ɗaya zai ƙirga ta sau biyu. Lissafin ma ka buga a wayarka, kada ka dogara da kalkuletarsa. Dalarka kuwa ta zauna a aljihu sai ka gama.

Kafin ka fita daga gida, ka ɗauki hoton lambobin takardun dalarka. Akwai masu karɓar ɗari mai kyau su ɗaga ta su jujjuya, su ce tana da matsala, su dawo maka da jabu. Lambar ce kaɗai za ta nuna an musanya.

Idan kai ne mai saye, sabuwar takardar dala 100 da ta fara yawo a 2013 tana da alamomin da ba sa buƙatar na'ura. Fara da yatsa: ka goga farce a kafaɗar hoton Benjamin Franklin, za ka ji gurji-gurji. Jabu yawanci sumul take. Sai shuɗin zaren nan na tsakiya. Saƙa shi aka yi cikin takardar, kuma idan ka karkata ta za ka ga ƙananan ƙararrawa da lambar 100 suna motsi. A jabu zane ne kawai, ba ya motsi. Lambar 100 ta ƙasa a dama tana sauya launi daga jan ƙarfe zuwa kore.

Wadda na fi so ka kula da ita ita ce hoton ɓoye. Ka ɗaga takardar ga haske, a farin filin da ke dama fuska za ta bayyana, kuma dole ta zama fuskar Franklin ɗin. 'Yan damfara kan wanke takardar dala 5 ta gaske su buga 100 a kanta. Takardar ta gaske ce, don haka hannu zai iya yarda da ita, alƙalamin gwaji ma zai wuce ta, amma hoton ɓoyen zai nuna wata fuskar ko lambar 5. Ka duba kowace takarda ɗaya bayan ɗaya, ka kuma lura kada biyu su zo da lamba iri ɗaya.

Duk wannan yana son haske da natsuwa, shi ya sa macuci yake son magariba, yake ce maka "yi sauri, jami'ai na tafe." Da ka ji haka, ka fasa. A Wapa ta Kano ko Zone 4 ta Abuja akwai masu ofis da injin ƙirga, kuma galibin 'yan canji mutanen kirki ne masu tsare sunansu. Wanda ya tare ka a titi, ka ce ya kai ka ofishinsu. Idan tiransifa za a yi maka, ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun shiga kafin ka saki dala, domin saƙon alat ma ana ƙirƙirar na bogi.