Ba wa kamfanin inji hanyar shiga PLC daga nesa

"Salamu alaikum. Kamfanin da ya sayar mana da injin cika kwalba a masana'antarmu ta Kakuri ya ce mu buɗe masa ƙofa a rawuta, ya riƙa duba PLC ɗinmu na Siemens, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, daga Legas. In buɗe?"

Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka buɗe. PLC ɗin Siemens samfurin S7 ta ƙofa 102 yake magana, kuma tsofaffin cikinsu, in ba a sa musu kalmar sirri ba, duk wanda ya iso ƙofar yana iya tsayar da injin ko ya sauya masa shiri. Shodan kuwa, shafin da ke binciko na'urorin da ke kan intanet, aikinsa ke nan dare da rana, laluben irin waɗannan ƙofofi.

Abin da na yi a wajenmu a Kudenda shi ne, na sa ƙaramar rawuta mai layin waya a cikin akwatin wutar injin. Ita ke kiran wata saba tamu a waje ta WireGuard, manhajar da ke haɗa ɓoyayyiyar hanya, injiniyan kamfanin ya shigo sabar da nasa makulli, su haɗu a can. Daga cikin gida kiran ke fita, don haka babu ƙofar da na waje zai ƙwanƙwasa. Ka sa `PersistentKeepalive = 25`, in ba haka ba hanyar takan mutu da an ɗan yi shiru.

Inda mutane ke sakaci shi ne bayan an haɗa. Sai ka tarar baƙo yana ganin komai, har kwamfutar akanta. A kan rawutarka ake taƙaita shi:

```
iptables -A FORWARD -i wg0 -d 10.20.0.5 -p tcp --dport 102 -j ACCEPT
iptables -A FORWARD -i wg0 -j DROP
```

Adireshi ɗaya, wato na PLC ɗin, ƙofa ɗaya, sauran a zubar.

Ranar farko mun sha wuya. Hanya ta haɗu, amma injiniyan ya ce PLC ba ya amsawa. Tun hantsi har la'asar muna zargin layin waya. Ashe ba a taɓa rubuta wa PLC ɗin adireshin rawuta ba, saƙo yana isa gare shi, bai san ta inda zai mayar da amsa ba. Alamarsa, in ka yi `ping` daga rawutar zai amsa, daga Legas shiru, ko da an ɗage waccan doka ta biyu da ke zubar da `ping`. Gyaran kan buƙaci tsayar da injin, sai ka bari ranar da ba a aiki. Ka kuma gaya wa injiniyan ya rubuta adireshin PLC ɗin da hannu a manhajar Siemens ta TIA Portal, domin binciken na'urori ba ya tsallake irin wannan hanya.

Sannan wutar rawutar na bi da ita ta wani makunni mai ɗan makulli, yana aljihun shugaban masu aikin injin. Sai mutanen kamfanin sun kira, a kunna, a rubuta lokaci a littafi, mutum ɗaya ya tsaya kusa da jan maɓallin tsayarwa, tunda na Legas ba ya ganin hannun wa ke cikin injin. Sun yi ƙorafi da farko, yanzu da kansu suke bugowa su ce sun gama, a kashe.