Takardar sayen kwamfuta daga Maraɗi zuwa Amurka

"Yaya, na samu gurbin karatu a Amurka, masu tallafin sun ce za su mayar mini da kuɗin kwamfutar da na saya a Maraɗi. Takardar sayen da Faransanci take, an rubuta 05/08/2024 da 535.500 F. Idan zan mayar da ita Turanci, in bar lambobin yadda suke?"

Ƙanena, kada ka bar su haka. Fara da kwanan wata. Mai shagon nan 5 ga Agusta yake nufi, domin a Faransanci rana ke gaba da wata. Ba'amurke kuwa wata yake sawa a gaba, zai karanta 8 ga Mayu. In a Yuli aka ba ka tallafin, sai ya ga kamar tun kafin nan ka yi sayayyar, ya ajiye takardarka gefe. Rubuta sunan watan da haruffa: August 5, 2024.

Sai kuɗin, nan ne na fi so ka natsu. A takardun Faransanci, ɗigo ko ɗan fili ne ke raba dubbai, waƙafi kuma ke nuna guntun da bai kai ɗaya ba. Turanci ya juya abin. Saboda haka 535.500 naka jika ɗari biyar da talatin da biyar ne da rabi, amma akawun jami'a zai ga kuɗin da bai kai jika guda ba. Ka rubuta 535,500. In kuma ka ga 816,36 € a wata takardar, €816.36 zai zama, alamar kuɗin ta dawo gaba.

Harafin F shi kaɗai ba ya gaya musu komai. Sa XOF 535,500, wato sefar su Nijar da Benin. Ta Kamaru da Chadi XAF ce. Kuma kada ka mayar da shi dalar Amurka a cikin fassarar. Farashin dala kullum motsi yake, ofishinsu na da ranar da yake bi wajen canji, naka kawai ka nuna abin da ka biya. Idan suka nemi kimantawa, ka sa ta daban a ƙasa, da farashin da ranarsa.

Lambar takarda, lambar NIF ta harajin shagon da lambar waya, kwafe su yadda suke, ko da ɗigo a ciki.

Kafin ka tura, sake lissafin. A takardarka ya kamata HT, farashi kafin haraji, ya zama 450,000. Harajin TVA na Nijar kashi 19 cikin ɗari ne, 85,500 ke nan. TTC, farashi haɗe da haraji, ya tashi 535,500. Duba layin ƙasa inda ake rubuta jimillar da kalmomi, ya yi daidai da wannan. Ka haɗa asalin takardar da fassarar, ka kuma tambaye su ko sai mai fassara mai hatimi ya sa hannu.