Wace rana ake kirgawa da ita idan takardun biza suna gab da ƙarewa?

Tambaya: Na samu gurbin digiri na biyu a Birtaniya, za a fara karatu a Satumba 2026. Fasfona zai ƙare a Maris 2027. Na yi jarrabawar Turanci ta IELTS ranar 10 ga Agusta 2024, na yi gwajin tarin fuka ranar 12 ga Fabrairu 2026, kuma jami'a ta ce sai Yuli za ta ba ni CAS, wato takardar tabbatar da gurbin karatu da ake neman biza da ita. Wanne zan sabunta, wanne zai kai ni?

Amsa: Ranar da ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya take auna yawancin takardunka da ita ita ce ranar da ka biya kuɗi ka tura buƙatar biza ta intanet. Ba ranar ɗaukar hoton yatsu ba ce, ba kuma ranar tashin jirgi ba. Saboda haka ka fara tsayar da wannan ranar, sannan ka ɗora kowace takarda a kanta.

Mu ɗauka CAS ya iso tsakiyar Yuli, ka tura ranar 25 ga wata. Takardar tarin fuka wata shida take yi daga ranar da aka ɗauki hoton ƙirji, wato taka tana da rai zuwa wajen 12 ga Agusta. Ta kai ka, amma da ƙyar. Kwana 18 kacal ne tsakani, kuma jinkirin CAS ba baƙon abu ba ne. Idan Yuli ya raba babu labari, ka nemi ranar sabon gwaji a asibitin da aka amince da shi, kamar na hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, a Abuja ko Legas. Dalilin gaggawar shi ne idan hoton ya nuna abin da likita bai gamsu da shi ba, za a ɗauki majina, sakamakonta kuwa yana iya ɗaukar mako takwas.

IELTS shekara biyu yake yi, naka zai mutu ranar 10 ga Agusta. A matakin digiri jami'a ce ke tantance Turancinka ta rubuta a cikin CAS, don haka ƙa'idarta ce abin bi. Wasu jami'o'in suna son sakamakon ya kasance da rai ranar ba da CAS, wasu kuma har ranar fara karatu. Idan taka tana cikin na biyun, babu makawa sai ka sake zama. Ka tambaye su yau, a rubuce, ka adana amsar.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne takardar banki, domin agogo biyu ne ke tafiya a kanta. Na farko, kuɗin da ake buƙata su kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun sauka ƙasa da adadin ba ko da na yini ɗaya. Na biyu, ranar ƙarshe ta kwanakin 28 ɗin ta kasance cikin kwana 31 kafin ranar turawa. A misalinmu, idan kuɗin sun cika ranar 23 ga Yuni, kwana 28 sun cika ranar 20 ga Yuli, kuma takardar da aka rufe a ranar ta yi daidai da turawar 25 ga wata. Amma idan ka ciri wani abu ranar 5 ga Yuli har adadin ya gaza, lissafi ya koma farko daga ranar da ka mayar. Mai ajiyar naira ya ƙara wani abu a sama, saboda da farashin canji na ranar turawa ake juya kuɗin zuwa fam.

Fasfo kuwa, Birtaniya ba ta sharɗanta saura wata shida kamar yadda Saudiyya take yi wa masu Umara. Duk da haka shawarata ka sabunta shi yanzu, kafin a fitar da CAS. Lambar fasfonka tana cikin CAS, sabon fasfo kuma da sabuwar lamba yake zuwa. Idan ka sauya a tsakiya, sai jami'a ta gyara bayanan kafin ka tura. Idan ka bari sai ka isa can, zai ƙare maka ana tsakiyar karatu, sai ka bi layin ofishin jakadancin Najeriya a Landan, sannan ka shigar da sabon a asusunka na intanet na hukumar biza ta Birtaniya, UKVI, inda izinin zamanka yake yanzu tun da aka daina katin izinin zama na BRP. Ko ɗan yawo zuwa Faransa a hutun Disamba zai takura, don ƙasashen Shengen suna son fasfo ya haura ranar fitarka da wata uku. Ka ɗauki mai shafi 64 na shekara goma idan da hali.

Shi kansa CAS wata shida yake yi daga ranar da aka bayar, kuma sau ɗaya ake amfani da shi. Idan aka hana ka biza saboda takardar da ta mutu, sai ka roƙi jami'a sabo, ka sake biyan kuɗin biza, ga Satumba ya ƙarato.