Lissafin takardar sayen mota biya kashi-kashi

"Salam jama'a. Za a ba ni mota, farashin hannu da hannu 1,200,000, kafin alƙalami 200,000, sai 52,000 duk wata har wata 24. Takarda ta ce kuɗin ruwa kashi 10 cikin ɗari a shekara. Daidai ne in sa hannu?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kar ka sa hannu tukuna, lissafin nan bai haɗu ba. Na taɓa faɗawa irinsa, sai da na biya wata bakwai sannan na zauna da kalkuleta, lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Fara da abin da zai fita daga aljihunka gaba ɗaya. 52,000 sau 24 ya ba ka 1,248,000, ka ɗora kafin alƙalami ya zama 1,448,000, wannan shi ne ainihin kuɗin motar a wajenka kuma dole ka gan shi a rubuce cikin takardar, in babu ka ce a rubuta. Cire farashin hannu da hannu, saura 248,000. Shi ne ƙarin da za ka biya, ko da wane suna suka kira shi.

To yanzu gwada shi da goman da suka faɗa. Bashin da ke kanka 1,000,000 ne tunda ka ba da 200,000, kashi 10 na shekara biyu 200,000 ke nan, kamata ya yi wata ya kama 50,000 cif. Ina 48,000 ta shiga? Zargina ruwan sun ɗora shi ne a kan 1,200,000 ɗin ba su cire kafin alƙalaminka ba, don hakan yana ba da 240,000, ragowar 8,000 wataƙila kuɗin takardu ne. Ni ma haka aka yi min, ina biyan ruwa a kan kuɗin da na riga na miƙa da hannuna. Ka ce su warware maka 48,000 ɗin nan a rubuce, in inshora ce a kira ta inshora.

Sannan ko goman ma ba goma ba ce fa, domin a kan miliyan ɗayan suke lissafa ta har ƙarshe alhali kai duk wata bashin raguwa yake, a shekara ta biyu wajen rabi ya rage a kanka amma ruwan bai sauka ba. In aka bi ragowar bashi, 50,000 a wata ya kai wajen kashi 18, naka 52,000 kuwa ya haura 20. Da wannan za ka kwatanta da wani wajen.

Ka kuma duba ƙasan takardar ko akwai wani kuɗin mallaka bayan wata na 24, da tarar makara, da ragin da za su yi in ka biya da wuri. Mai yiwuwa motar tasu ce har sai ka gama biya, don haka ka karanta abin da zai faru da kuɗinka in ka gaza a tsakiya. Ka turo mana amsarsu mu sake lissafawa tare.