Rancen banki: abin da ke cikin takardar da za ka sa wa hannu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da injin matsar man gyaɗa a Gusau, kuma wani bankin ƙananan 'yan kasuwa ya amince zai ba ni rancen naira 1,200,000 na shekara ɗaya domin in sayi gyaɗa da kaka. Sun ce kuɗin ruwa kashi 3 cikin 100 ne a wata, injina ne jingina, yayana kuma zai tsaya mini. Takardar tana da shafuka da yawa, ban fahimci yawancinta ba. Me ya kamata in duba kafin in sa hannu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin komai, ka nemi bankin ya ba ka jadawalin biya a rubuce, wato takardar da ke nuna ranar kowane biya, da nawa ne uwar kuɗi a cikinsa, da nawa ne ruwa, da abin da zai rage a kanka bayan ka biya. Adadin da aka faɗa maka da baki bai isa ya nuna maka tsadar rancen ba, domin akwai hanyoyi biyu na lissafa ruwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu a irin wannan rance ta kusa naira dubu ɗari biyu.

Hanya ta farko ita ce wadda ma'aikatan banki ke kira fulat. A nan ana lissafa ruwa a kan dukan kuɗin da ka karɓa tun farko, daga watan farko har na ƙarshe, ko da ka riga ka mayar da rabinsa. Ruwan kowane wata zai zama naira 36,000, uwar kuɗi kuma naira 100,000, don haka za ka riƙa biyan naira 136,000 har sau goma sha biyu, jimillar ruwan kuma ta kai naira 432,000. Hanya ta biyu ita ce lissafi a kan ragowar bashi. Idan uwar kuɗin da kake mayarwa naira 100,000 ce a kowane wata, ruwan watan farko zai zama 36,000, na biyu 33,000, na uku 30,000, yana sauka har ya kai 3,000 a watan ƙarshe, jimillarsa kuma naira 234,000. Dukansu biyu ana kiran su kashi uku a wata, amma na fulat ya fi ɗayan da naira 198,000, kuma idan aka auna shi da ma'aunin ragowar bashi, ainihin ruwansa ya ɗan haura kashi biyar a wata. Hanyar gane wanne aka ba ka mai sauƙi ce: ka dubi layin ruwa a jadawalin, idan adadin bai canza ba daga sama har ƙasa, to fulat ne.

Ka tambaya kuma nawa ne zai shiga asusunka a ranar da aka saki kuɗin. Sau da yawa ana cire kuɗin kula da rance da na inshora tun kafin kuɗin ya iso hannun mai shi. Idan kowannensu kashi ɗaya ne, misali, abin da za ka gani naira 1,176,000 ne, alhali ruwan da za ka biya a kan 1,200,000 aka lissafa shi. Babban Bankin Najeriya yana da jagorar caje-caje da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020, wadda ta ware sashe na musamman ga bankunan ƙananan 'yan kasuwa, kuma haƙƙinka ne ka nemi a nuna maka inda kowane caji ya dace da ita.

Abin da ya fi damuna a lamarinka shi ne dacewar jadawalin da yadda kuɗi ke shigo maka. Idan za ka riƙa matse gyaɗar kana sayar da mai da ƙuli kowane mako, biyan wata-wata zai yiwu, muddin ribar da ke saura bayan kuɗin dizal da ladan yara da cefanen gida ta wuce naira 136,000 da rata mai kyau. Amma idan niyyarka ita ce ka ɓoye buhunan har farashi ya tashi da bazara, to biyan farko zai riske ka bayan kwana talatin kayan suna jibge a sito, kuma za ka fara biyan bashi da kuɗin bashin ko ka karyar da kaya. Na ga 'yan kasuwa da dama waɗanda sana'arsu ke da riba sosai, amma wannan saɓani tsakanin ranar biya da ranar ciniki ya jefa su cikin jerin waɗanda suka kasa biya. Maganinsa shi ne ka nemi a ba ka rangwamen wata biyu ko uku kafin ka fara mayar da uwar kuɗi, kuma a rubuta ƙarara ko ruwa zai ci gaba da taruwa a wannan tsakanin, domin yawanci yana taruwa. Ka duba har ila yau abin da takardar ta ce idan ka so biya kafin wa'adi. A rancen fulat, wasu yarjejeniyoyi kan wajabta maka ruwan dukan watannin ko da ka kammala biya a wata na shida, wanda ke nufin saurin biyanka bai rage maka komai ba.

Game da jingina, injin zai ci gaba da zama a hannunka kana aiki da shi, amma ba ka da ikon sayar da shi ko kai shi wani gari ko sake jinginar da shi ba tare da izinin banki ba. Tun bayan dokar jinginar kadarorin da ake iya ɗauka ta 2017, masu ba da rance kan yi rajistar irin wannan jingina a rajistar ƙasa da ke ƙarƙashin Babban Banki, ta yadda duk wani banki da ka je wa zai iya ganin cewa injin yana da nauyi a kansa. Ka tabbata an bayyana injin da sunansa da lambarsa. Ka yi hattara da jumlar da ke cewa jinginar ta haɗa da dukan kadarorin sana'arka na yanzu da na gaba, domin wannan ya shigar da janareta da tankunan mai da gyaɗar da ke sito. Idan ka gama biya, kada ka tsaya ga fatan alheri da baki. Ka karɓi takardar shaidar kammala biya, ka kuma nemi a soke rajistar.

Yayanka yana bukatar ya karanta takardar kamar yadda kai ma kake bukata. Mutane da yawa suna ɗaukar tsayawa a matsayin shaidar cewa sun san mutum kuma mutumin kirki ne, alhali a doka alkawari ne na biyan bashin idan mai shi ya gaza. Galibin takardun garanto an rubuta su ne yadda banki zai iya tunkarar mai tsayawa kai tsaye, ba sai ya fara sayar da jingina ba. Abin da ya dace shi ne a ƙayyade iyakar kuɗin da ya ɗauki nauyinsa, a kuma rubuta cewa tsayawar ta wannan rance ce kaɗai, ba ta shafi wani bashi da za ka ci nan gaba ba.

Sashen saɓa yarjejeniya shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke ɗaure sauran. Mu ɗauka ka biya wata huɗu lafiya, sai injin ya lalace a na biyar, ka kasa kawo naira 136,000. Abu na farko shi ne tarar jinkiri. Jagorar da na ambata ta ƙayyade wa bankunan kasuwanci kashi ɗaya a wata a kan abin da ba a biya ba, bayan sassaucin kwana bakwai, don haka ka gwada abin da ke takardarka da wannan ma'auni. Kashi ɗaya na biyan da ka rasa naira 1,360 ne, amma idan an rubuta shi a kan dukan ragowar uwar kuɗi, wato naira 800,000, ya zama 8,000. Ka lura kuma da tsarin da ake bi wajen raba kuɗin da ka kawo a makare, domin yawanci tara ake fara cirewa, sannan ruwa, sai abin da ya saura ya tafi ga uwar kuɗi, shi ya sa mutum kan yi ta biya yana ganin bashin bai motsa ba.

Abu na biyu ya fi nauyi, shi ne sharaɗin da ke ba banki damar neman dukan bashin nan take da zarar an saɓa. A misalinmu, naira 800,000 ce za ta wajaba gaba ɗaya, kuma idan takardar ta haɗa da ruwan watanni takwas da suka rage, sai a ƙara 288,000, abin ya kai naira 1,088,000 a kan mutumin da ya kasa kawo 136,000. Daga nan ake zuwa ga injin. Doka ta tanadi a ba ka sanarwa kafin a karɓe shi, kuma idan an sayar, rarar da ta saura bayan bashi da kuɗin ɗawainiya taka ce. Sai dai kayan da aka sayar cikin gaggawa ba sa yin daraja, kuma idan kuɗin bai kai ba, cikon yana nan a kanka da kan yayanka. Akwai kuma yiwuwar ka tarar da takardar umarnin GSI a cikin abin da za ka sa wa hannu, tsarin da ya fara aiki ranar 1 ga Agusta 2020, wanda ke ba mai ba da rance damar cire uwar kuɗi da ruwan da ya taru daga asusunka na wasu bankuna ta hanyar lambar BVN. Sunanka ma zai shiga kundin hukumomin tattara bayanan masu bashi, abin da zai wahalar da samun wani rance.

Saɓawa ba ta tsaya ga rashin biya ba. A takardu da yawa, karkatar da kuɗin zuwa abin da ba a ambata ba, ko barin inshorar injin ta ƙare, ko kasa biyan wani bashi na daban, duk suna iya buɗe wannan ƙofa. Saboda haka ka nemi a rubuta adadin kwanakin da za a ba ka ka gyara bayan sanarwa a rubuce. Idan kuma ka hango cewa wani wata zai gagare ka, ka rubuta wa bankin kafin ranar ta zo kana neman a sake tsara biyan, ka ajiye kwafin da aka buga wa hatimi.

Idan batun cin kuɗin ruwa yana damun zuciyarka, kamar yadda yake damun da yawa daga cikinmu, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, inda a tsarin murabaha banki ke sayen kayan ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. A can ma akwai jadawali da jingina da mai tsayawa da sharuɗɗan saɓawa, kuma suna bukatar irin wannan karatu.

Ka karɓi kwafin takardar da jadawalin ka tafi da su gida, ku zauna da yayanka da wani lauya ko akawun da ka yarda da shi. Duk sassaucin da jami'in banki ya yi maka alkawarinsa, a shigar da shi cikin takardar kafin ka sa hannu, kada kuma ka bar wani gurbin adadi ko na kwanan wata ba a cike ba.